Yadda Ɗan Kwangila Ke Sanar da Mai Aiki Cewa Gini Zai Yi Jinkiri

Jinkirin gini yakan cutar da mai aiki ta hanya biyu. Ta farko ita ce kwanakin da aka rasa, kuma waɗannan ba sa dawowa. Ta biyu ita ce alkawuran da mai aikin ya ɗauka wa wasu mutane bisa dogaro da ranar da aka yanka masa: 'yan haya da suka ba da kafin alƙalami, ɗa ko 'ya da aka sa wa ranar tarewa, bashin banki da aka ƙudurta biya da kuɗin hayar farko. Wannan cutarwa ta biyu ana iya rage ta ƙwarai idan labari ya isa da wuri, kuma ita ce take ninkuwa idan aka ɓoye. Saboda haka abin da ake nema ga ɗan kwangila idan ya tabbatar aiki ba zai kammala a kan lokaci ba shi ne ya sanar tun mai aiki yana da sararin gyara nasa alkawuran, ya zo da sabuwar rana wadda aka lissafa, sannan ya zo da zaɓin da mai aikin zai yanke hukunci a kai.

Wannan ya shafi kowace sana'a da ake karɓar aiki a ba da rana, daga tela zuwa mai buga littattafai. Amma a harkar gini ya fi fitowa fili, domin kuɗin suna da yawa, ayyukan sun sarƙu da juna, kuma akwai matakan da ko nawa aka zuba ba a iya gaggauta su.

Dalilin da ya sa ake shiru

A shekarar 1970 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Sidney Rosen da Abraham Tesser, sun nuna ta hanyar gwaji cewa mutane sun fi jan ƙafa wajen isar da mummunan labari fiye da mai daɗi, ko da ba su da hannu a abin da ya faru. Idan haka take ga ɗan aike kawai, to ga wanda laifin ya rataya a wuyansa abin ya fi nauyi. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi na kunya da girmamawa. Mai aikin sau da yawa dattijo ne, ko surukin wani ne, ko kuma ta hannun amini aka samu kwangilar. Faɗa masa kai tsaye cewa ranar da aka ba shi ta rushe yana kama da rashin ladabi. Sai a koma ga kalmomin da kowa ya saba ji a bakin masu sana'a: an kusa, saura kaɗan, ana nan ana ƙoƙari, mako mai zuwa in Allah ya yarda.

Mai faɗin waɗannan kalmomi galibi ba maƙaryaci ba ne. Ya yarda a ransa cewa zai cike giɓin kafin a lura. Matsalar ita ce cike giɓi a gini ba ya cika faruwa da kansa, kuma kowane mako na shiru yana cinye wani zaɓi daga hannun mai aiki. Wanda aka sanar saura wata biyu zai iya zama da 'yan hayarsa su daidaita. Wanda ya ji labari saura kwana uku ba abin da ya rage masa sai jin kunya a gabansu, kuma fushin da zai yi a lokacin na shirun ne fiye da na jinkirin.

Manyan yarjejeniyoyin gini na duniya sun mayar da wannan al'amari doka. A cikin tsarin kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta FIDIC, wanda ake amfani da shi a manyan ayyukan hanyoyi da gadoji a ƙasashe da dama, ɗan kwangilar da ke neman ƙarin lokaci dole ne ya ba da sanarwa cikin kwana 28 daga ranar da ya san abin da ya jawo jinkiri, ko ranar da ya kamata a ce ya sani. Idan ya wuce wa'adin yana iya rasa haƙƙinsa na ƙarin lokacin, ko da hujjarsa gaskiya ce. Ƙananan ayyuka na unguwa ba su cika samun irin wannan takarda ba, amma hikimar ɗaya ce. Ga ginin da zai ɗauki wata biyar ko shida, kwana 28 ma sun yi yawa. Kwana ɗaya ko biyu sun isa a buga waya ta farko a ce an samu matsala, a kuma faɗi ranar da za a zo da cikakken lissafi.

Misalin bene mai shaguna

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kano ya ba injiniya aikin bene hawa ɗaya: shaguna shida a ƙasa, ofisoshi a sama. An rubuta cewa za a miƙa makullai ranar 30 ga Satumba. Mai ginin ya riga ya karɓi kuɗin hayar shekara daga mutum huɗu, da alkawarin za su shiga ranar 1 ga Oktoba.

Bisa jadawali, ranar 21 ga Yuli za a zuba kankaren rufin hawa na farko, wanda magina ke kira dekin. Kwana huɗu kafin nan injiniya ya zo duba ɗaurin rodi, sai ya ga rodin da ke cikin bim ya yi masa siriri a ido. An yi odar mai kaurin milimita 16. Irin wannan rodi, idan tsawonsa mita 12 ne, nauyinsa ya kamata ya kai kusan kilo 19. Da aka auna sai aka ga kaurin bai wuce milimita 14 ba. Ratar milimita biyu tana kama da ƙaramin abu, amma ƙarfen da ke cikin rodi yana bin faɗin bakinsa ne, kuma a wannan lissafi rodin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfensa. Shugaban ma'aikatan wurin ya karɓi kayan bai auna ba, masu lanƙwasa rodi kuma sun riga sun ɗaure rabin bim. Dole aka kwance, aka yi ta ja-in-ja da dila, aka jira sabon kaya, aka sake yankewa da ɗaurewa. Mako biyu suka tafi. Da aka shirya, ruwan Agusta ya sauka kamar yadda ya saba, hanyar unguwar ta jiƙe har tifa ta kasa shigo da yashi da tsakuwa. Mako guda ya ƙaru. Sai ranar 11 ga Agusta aka zuba dekin, kwana 21 bayan ranar da aka tsara.

Ranar da ya dace a fara sanar da mai gini ita ce ranar da aka auna rodin. Amma a nan za a bi abin da ya fi faruwa, wato injiniyan ya yi shiru yana fatan zai cike, sai bayan zuba dekin ya zauna da takarda ya ga ba mafita. Yanzu nauyi biyu ne a kansa: jinkirin, da kuma shirun da ya yi.

Kafin ya nemi mai gini, akwai aikin lissafi. Ba kowane jinkiri ne ke motsa ranar kammalawa ba. Idan mai walda ya makara da ƙofofi da mako guda alhali ba za a kafa su ba sai bayan filasta, ba a rasa komai ba. Amma akwai jerin ayyukan da kowanne ke jiran na gabansa: dekin, cire gorar da ta tokare shi, wayarin, filasta, daɓe, fenti. Kwana ɗaya da aka rasa a wannan jeri kwana ɗaya ne a ranar miƙa makulli. A jadawalin farko, tsakanin zuba dekin da miƙa gini kwana 71 ne. Idan aka ɗora su a kan 11 ga Agusta, ana samun 21 ga Oktoba. Wannan lissafi ya ɗauka cewa daga yau komai zai tafi daidai, alhali damina ba ta wuce ba sai ƙarshen Satumba. Injiniya mai hankali zai ƙara mako guda, ya ce 28 ga Oktoba, kuma ya gaya wa mai gini a fili cewa makon ƙarshe na ko-ta-kwana ne.

A nan ne da yawa suke yin kuskure mafi tsada. Don su sassauta zafin labarin, sai su faɗi ranar da ta fi daɗin ji, misali 10 ga Oktoba, ba tare da wani lissafi a bayanta ba. Mai gini ya je ya sanar da 'yan hayarsa sabuwar ranar, ita ma ta wuce. Jinkiri na farko yawancin mutane suna yafe shi, domin kowa ya san aiki. Na biyu kuwa yana nuna cewa mai aikin bai san abin da ke hannunsa ba, ko kuma yana faɗin abin da ake son ji ne, kuma daga nan ba a ƙara yarda da kowace rana da ta fito daga bakinsa.

Abu na biyu da zai shirya shi ne rabon sanadi. Cikin kwana 21, sha huɗu nasa ne, domin karɓar kaya da aunawa aikin mutanensa ne, ko da dila ne ya yi algus. Bakwai na ruwa ne. Ko waɗannan ma mai gini yana iya cewa wanda ya tsara zuba dekin a tsakiyar damina ya kamata ya tara yashi da tsakuwa tun hanya tana bushe, kuma da ya faɗi haka da bai yi ƙarya ba. Gara injiniya ya riga shi ganin wannan.

Zaman kansa

Labari irin wannan ba a aika shi ta saƙon waya, ba a kuma ba yaro ya kai. Wanda ya karɓi aikin shi ne zai je, ido da ido idan da hali, ko ta kiran waya idan mai ginin yana nesa, kamar yadda ake yawan samu da 'yan ƙasar waje masu gini a gida. Yana da kyau a nemi lokacin da mutumin yake shi kaɗai. Faɗa wa ɗan kasuwa mummunan labari a bakin shagonsa, yaransa da abokan cinikinsa suna ji, yana tilasta masa ya nuna fushin da wataƙila da a ɗaki ne ba zai nuna ba. A lokacin neman ganawar ma ya kamata a ɗan buɗe ƙofa, a ce magana ce kan ranar kammala gini, don kada ya zo yana zaton albishir ne.

Gaisuwa tana nan yadda take, ba a gajarta ta. Amma da zarar an gama, labarin ne ya kamata ya fara fitowa, kafin dalilai. Mai magana da ya fara da tarihin rodi da dila da ruwan sama yana barin mai sauraro cikin zullumi, kuma kafin ya kai ga batun an riga an ji shi a matsayin mai neman uzuri. Abin da ya fi shi ne kamar haka:

"Ranka ya daɗe, maganar da ta kawo ni ba mai daɗi ba ce. Ginin nan ba zai kammala ranar 30 ga Satumba ba. Idan muka ci gaba yadda muke, ranar da zan iya tsaya maka a kai ita ce 28 ga Oktoba. Mako biyu daga cikin jinkirin laifinmu ne: an kawo rodin da bai cika ba, mutanena suka karɓa ba su auna ba, sai da muka kwance. Mako guda ruwa ne ya hana tifa shiga, ɗayan kuma na ƙara ne saboda damina ba ta ƙare ba. Ya kamata in gaya maka tun a watan Yuli, ban yi ba. Wannan ma laifina ne, ka yi haƙuri."

Daga nan sai shiru. Wannan shirun yana da wuya, kuma yawancin mutane suna cike shi da ƙarin bayani. Amma mai gini yana bukatar ya haɗiye abin da ya ji. Zai iya ɗaga murya, zai iya tuno cewa tun farko an ba shi shawarar wani injiniyan, zai iya yin shiru ya kawar da kai. Duk cikin waɗannan babu wanda ake mayar wa martani da gardama. Wanda bai gama fushi ba ba ya jin lissafi, don haka takardar shirin gyara tana nan a aljihu tukuna.

A shekarar 2016 Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun gwada sassa shida na ban-haƙuri don su ga wanne ya fi tasiri a zuciyar wanda aka yi wa laifi. Amsa laifi shi ya zo na farko, tayin gyara ɓarna ya biyo baya, roƙon gafara kuma ya zo na ƙarshe. Abin lura ne, domin a al'ada ɓangaren da aka fi yawaita shi ne na ƙarshen. Ana iya cewa "a yi haƙuri" sau goma ba tare da an taɓa faɗin abin da aka yi ba daidai ba. Haka kuma kawo maganar ƙaddara daga bakin wanda ya yi sakaci ba ta da kyan ji. Idan mai gini da kansa ya ce haka Allah ya ƙaddara, wannan karamcinsa ne. Idan injiniya ne ya riga shi faɗa, ya ɗora wa mutumin nauyin yin shiru ke nan, tun da ba mai son a ce yana jayayya da ƙaddara.

Tausayawa a wannan zama tana bayyana ne a cikin tambaya fiye da a cikin kalaman jaje. Injiniya ya san an ba da hayar shagunan, amma bai san ciki ba. Sai ya tambaya: "Alhaji, wa ka yi wa alkawari da wannan ranar? Wanne ne ya fi matsa maka?" A ɗauka amsar ita ce ɗaya daga cikin 'yan hayar mai sayar da magani ne, wa'adinsa a tsohon shagonsa yana ƙarewa a ƙarshen Satumba, ofisoshin sama kuwa ba wanda ya kama tukuna. Wannan amsa ta canja fasalin matsalar gaba ɗaya. Abin da ke ƙona mai gini shi ne shagunan ƙasa, kuma shirin gyara dole ya fuskanci wannan.

Shirin gyara

Shiri na gaske yana ɗauke da ranaku, da sunan wanda zai yi kowane abu, da abin da zai ci. "Za mu ƙara ƙaimi" ba shiri ba ne. Ya kuma fi kyau a kawo hanyoyi biyu ko uku, domin jinkiri yana sa mai aiki ya ji dukiyarsa ta fita daga ikonsa, kuma zaɓi yana mayar masa da ikon.

Hanya ta farko ita ce a bar tsari yadda yake, a miƙa gini gaba ɗaya ranar 28 ga Oktoba, ba ƙarin kuɗi.

Ta biyu ita ce a juya tsarin aiki, a fara gama ƙasa. Injiniyan ya ƙayyade cewa gorar da ta tokare dekin za ta zauna mako uku, wato har 1 ga Satumba. A cikin waɗannan makonni magina za su hau sama su tayar da bulo, kafintoci su shirya rufi, mai walda ya gama ƙofofin shaguna. Da zarar an cire gora sai a tattara ma'aikata a ƙasa: wayarin, filasta, daɓe, kafa ƙofofi, fenti. Wannan aikin mako biyar ne, don haka za a iya miƙa shaguna ranar 10 ga Oktoba, har da 'yan kwanakin ko-ta-kwana. Farashin wannan hanya shi ne sama za ta koma 10 ga Nuwamba. Tana kuma da sharuɗɗan da dole a faɗa tun yanzu. Sai an rufe sama da kwano kafin a yi fentin shaguna, domin ruwan da ya kwanta a kan dekin yana iya tsattsafowa ya ɓata shi. Kuma tun da za a ci gaba da aiki a sama alhali mutane suna ciniki a ƙasa, sai an yi rumfar kariya a gaban shagunan, an ware wa leburori hanyar hawa ta baya.

Ta uku ita ce a sayi lokaci da kuɗi: a ƙara rukunin magina na biyu, a yi aiki har ranar hutu, a kunna janareta a ƙara sa'o'i da yamma. A ce wannan zai rage kwana goma, a gama komai ranar 18 ga Oktoba, kuma zai ci ƙarin naira 900,000. Tun da kashi biyu cikin uku na asalin jinkirin nasa ne, injiniya ya ce zai ɗauki 600,000. Wannan hanya tana da iyaka da ya kamata a bayyana. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi gargaɗi cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yana iya ƙara masa makara, domin sababbi suna bukatar a nuna musu, kuma ba kowane aiki ne ke rabuwa ba. Maganarsa kan manhaja ce, amma a gini ma akwai kamarta: shago ɗaya ba ya ɗaukar magina shida, kuma filastar da ba ta bushe ba ba ta karɓar fenti ko mutum nawa ke jira da buroshi.

Akwai kuma hanyar da ba a sa ta cikin zaɓi, ko da mai gini ne ya nema. Wani zai ce a cire gora bayan mako ɗaya a ci ribar mako biyu. Kankare yana ƙara ƙarfi ne a hankali. Ana auna cikakken ƙarfin da aka tsara masa a kwana 28, kuma a kwana bakwai yakan kai kusan kashi biyu cikin uku ne kawai. Dekin da aka cire wa tokara da wuri, sannan aka jibga masa bulo a sama, yana iya lotsawa ko tsagewa, kuma irin wannan lahani ba ya gyaruwa da filasta. A nan injiniya zai ce, cikin ladabi amma ba sassauci, "Alhaji, wannan kam ba zan yi ba. Gara ka yi fushi da ni a kan kwanaki."

Bayan jero hanyoyin, ba a barin mai gini shi kaɗai da su. Shi ɗan kasuwa ne, ya ɗauki injiniya ne don ya ji ra'ayinsa. A wannan misali shawarar da ta dace ita ce hanya ta biyu, domin ta mayar da jinkirin 'yan haya daga mako huɗu zuwa kwana tara ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, ta kuma tura nauyin zuwa hawan da ba mai jiransa. Sauran kwana taran kuma ana iya neman musu dabara: a fara gama shagon mai magani kafin sauran, ko injiniya ya ɗauki nauyin wurin ajiyar kayansa na 'yan kwanakin. Idan yarjejeniya ta tanadi tarar jinkiri ta mako-mako, gara ɗan kwangila ya tayar da maganar da kansa a kan makonni biyun da ya amsa, maimakon ya jira a tuna masa. Ba dole ba ne mai gini ya yanke hukunci a zaman. Ana ba shi kwana biyu ko uku, tare da faɗa masa ranar ƙarshe da zaɓin zai ci gaba da yiwuwa.

Idan laifin ba na ɗan kwangila ba ne

Wani lokaci sanadin yana wajen mai aiki: kuɗin zango na biyu sun makara, ko an canja zane bayan an fara, ko an ƙi zaɓen tayil har mako uku. Wani lokaci kuma kasuwa ce. A farkon 2024 farashin siminti ya yi tashin gwauron zabo a Najeriya, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka amince da farashi tsakanin 7,000 da 8,000. A irin wannan yanayi jinkiri da ƙarin kuɗi suna zuwa tare, kuma mai gini yakan yi zargin ana fakewa da kasuwa ne don a cuce shi. Maganin zargi shi ne takarda: rasit na sayen farko, farashin yau, da adadin buhunan da suka rage.

Idan kuwa mai aikin ne sanadi, ba a amsa laifin da ba a yi ba don neman zaman lafiya, domin wanda ya ba da haƙuri a kan abin da ba nasa ba yana iya tarar da an cire masa tara a kuɗin ƙarshe. Ba a kuma nuna yatsa. Ana jero ranaku ne kawai: ranar da aka nemi kuɗin, ranar da suka shigo, da kwanakin da ma'aikata suka zauna a tsakani. Ranakun sun isa su yi bayani, kuma sun bar wa babba hanyar gyarawa ba tare da an kunyata shi ba.

Bayan an tashi

A ranar da aka yi zaman ake rubuta abin da aka tattauna, a taƙaice, a aika ta wasiƙa ko ta WhatsApp: sabuwar rana, hanyar da aka zaɓa, wanda zai biya me, da abin da ake jira daga mai gini da ranar da ake jiransa. Idan akwai rubutacciyar yarjejeniya, sai a yi mata ƙari, kowa ya sa hannu gaban shaida. Zumunci ba ya hana wannan, domin bayan wata biyu mutum biyu masu gaskiya suna iya tuna zama ɗaya ta fuska biyu.

Shirin yana bukatar tashoshi da mai gini zai iya gani da idonsa ba sai ya san injiniyanci ba. A misalin nan, ranar 1 ga Satumba an cire gora, tsakiyar wata an gama wayarin an rufe sama, ƙarshen wata an gama filasta da daɓe. Kowace Asabar a aika hotuna da layi uku: abin da aka gama, abin da ke gaba, da ko ranar tana nan. Ana aika wannan rahoto ko da makon bai yi kyau ba, domin rahoton da ke zuwa sai an yi nasara kawai yana koya wa mai gini cewa shiru alamar matsala ce. Dole kuma a toshe ramin da aka faɗa, a kuma faɗi yadda aka toshe shi: daga yanzu ba a sauke rodi daga mota sai an auna kauri da nauyi, kuma yashi da tsakuwar sauran aikin za a tara su cikin fili a ranakun da hanya ta bushe.

Alamar farko cewa shirin gyara ya fara zamewa ita ce tasha ɗaya ta wuce da kwana biyu ko uku, a ce za a cike a ta gaba. Idan an ƙara makon ko-ta-kwana tun farko, waɗannan kwanaki suna fitowa daga cikinsa, kuma rahoton Asabar ya kamata ya faɗi nawa aka ci, nawa suka rage. Ranar da lissafi ya nuna ko-ta-kwanan zai ƙare kafin aiki ya ƙare, a ranar ake neman mai gini a sake zama, tun yana da makonni a hannunsa da zai yi magana da 'yan hayarsa.